Ku ajiye rahar tukuna, mu sayi adaidaita ɗaya da murabaha

Na san ku sarai. Da zarar an ambaci bankin Musulunci a majalisa sai ku kalli juna, ku taɓe baki, wani ya gyara hula ya ce ai kuɗin ruwa ne aka naɗa wa rawani. Na gefensa ya ƙara da cewa rawanin ma na aro ne. A kwashe da dariya, a zuba shayi zagaye na biyu, magana ta mutu. Mafi ƙwarewa a wannan raha su ne 'yan uwana Kanawa, waɗanda ko gaisuwa ka yi musu sai sun lissafa abin da za ta ci musu. Zage-zagi kuwa sukan jira Bakano ya gama lissafi, sannan su ce dama sun sani.

To Alhaji, matso da kujerarka. Ba wa'azi zan yi maka ba, ciniki za mu yi, tunda shi ne yaren da kake ji.

A ce ƙaninka yana son adaidaita sahu sabuwa, kuma a ce kuɗinta a wurin dila Naira miliyan 4 ne. Misali ne nake bugawa, kada gobe ka je shago ka ce ni na yanke farashi. Ba shi da kuɗin, amma yana da ƙarfin aiki. Hanya biyu ce a gabansa.

Ta farko ka san ta. Ya je bankin da aka saba, a zuba masa miliyan 4 a asusu, a ce ya dawo da su cikin shekara biyu da ƙarin da za a lissafa bisa kaso kaza a shekara. Abin da ya shiga tsakaninsa da banki kuɗi ne, kuma kuɗi ne zai koma, da 'ya'yansu a goye. Ko ya sayi adaidaitar, ko ya ƙara aure da su, ko 'yan damfara sun wanke shi a hanyar zuwa shago, bashin yana nan yana tafiya tun ranar da kuɗin suka faɗo. Banki bai taɓa mallakar komai ba sai takardar da ke cewa yana bin sa.

Ta biyu ita ce murabaha. A nan ba a ba shi ko sisi. Shi ne zai je wurin dila ya karɓo takardar farashi da sunan banki, ya kawo, ya ce ga abin da nake so. Banki ya bincika shi, ya ga zai iya biya, sai ya sa shi ya rubuta alkawari cewa idan an sayo zai saya. Daga nan banki ya biya dila miliyan 4 kai tsaye, rasit ya fito da sunan banki, adaidaita ta zama ta banki. Sai bayan haka, ba kafin haka ba, a zauna a ƙulla ciniki na biyu. Banki ya ce: na saye ta miliyan 4, na ɗora ribata Naira 800,000, na sayar maka miliyan 4 da dubu 800, ka biya cikin wata 24. Ƙaninka ya ce na saya. Daga wannan lokaci ta zama tasa, kuɗinta kuma ya zama bashi a wuyansa.

Faɗin ainihin kuɗin da aka sayo kaya da kuma ribar da aka ɗora shi ne ya raba wannan ciniki da wanda kake yi kullum a Kwari ko Singa, inda mai saye ke tayawa kana cewa albarka har ku daidaita, ba tare da ya san nawa ka saro ba. A murabaha dole a buɗe ciki. Idan dila ya yi wa banki rangwamen Naira 100,000 aka ɓoye, an ci amana, kuma mai saye na da haƙƙin a sauke masa. Ka ga ke nan, Alhaji, ciniki ne da kai kanka ba za ka so a riƙa tilasta maka yi a shagonka ba.

Na ga kalkuleta ta fito daga aljihu. Ka danna, ka ce dubu 800 a kan miliyan 4 cikin shekara biyu ai kashi 10 cikin 100 ne a shekara, bankin tsallaken titi ma zai iya ba da haka, to ina bambancin? Lissafinka daidai ne, ban da ja. Zan ma ƙara maka harsashi: sau da yawa bankin Musulunci yakan leƙa farashin ruwan da ke tafiya a kasuwa kafin ya yanke ribarsa, kuma wani lokaci nasa ya fi tsada. Duk wanda ya ce maka murabaha araha ce, talla yake yi. Malaman da suka halatta ta ba su ce sadaka ba ce. Wannan gardama taka ma ba sabuwa ba ce, domin aya ta 275 ta Suratul Baƙara ta ba da labarin mutanen da suka ce ciniki da cin ruwa duk ɗaya ne, aka amsa musu da cewa an halatta ɗaya an haramta ɗaya. Ba ina jera ka cikinsu ba ne, kada ka tashi. Ina dai sanar da kai cewa an riga ka da ƙarni goma sha huɗu.

Kalkuleta tana nuna abin da zai faru idan komai ya tafi lafiya ne kawai. Bambancin yana fitowa ranar da abu ya kwaɓe. Bari mu kwaɓa shi da gangan.

Banki ya biya dila ranar Litinin, an shirya ƙulla ciniki da ƙaninka ranar Alhamis. Ranar Talata da dare gobara ta tashi a wurin da aka ajiye adaidaitar, ta cinye ta ƙurmus. Asarar wa? A murabaha ta gaskiya asarar banki ce, miliyan 4 cif. Ƙaninka bai sayi komai ba, don haka ba a bin sa komai. Idan banki ya yi wa kayan inshorar takaful, shi ya biya kuɗinta a matsayinsa na mai kaya, kuma shi zai je ya yi ta jeka-ka-dawo. Da rance ne aka ba shi ya sayo da kansa, da toka zai kwasa, bashi kuma yana nan daram, ruwansa na gudu. Waɗannan kwanaki tsakanin Litinin da Alhamis su ne hujjar ribar banki gaba ɗaya. Ƙa'idar fiƙihu ita ce wanda asara za ta hau kansa shi ya cancanci amfanin kaya, kuma hadisin Hakimu ɗan Hizamu ya hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa. Shi ya sa jerin matakan ba ado ba ne. Idan aka sayar wa ƙaninka kafin banki ya mallaka, an sayar masa da iska.

Za ka ce kwana uku kacal, wani lokaci ma awa uku, wannan ai haɗarin wasa ne. Gajere ne, na yarda, kuma bankuna suna iya bakin ƙoƙarinsu su ƙara gajarta shi. Amma ba wasa ba ne idan kayan injin niƙa ne da ake kawowa daga Indiya ta teku, wata biyu yana kan ruwa da sunan banki. Kuma ko bayan ciniki, idan aka gano wani ɓoyayyen aibi da ke jikin kayan tun asali, banki ne mai sayarwa, shi ake fara tuhuma, sai dai in an rubuta sharaɗin kuɓutar da shi a cikin yarjejeniya. Yawancinsu kuwa suna rubutawa. Karanta wannan layin da kyau, ba da idon da kake karanta katin ɗaurin aure ba.

Saura alkawarin nan. Me zai hana ƙaninka ya ce ya fasa bayan banki ya sayo? Bankin ya san halinku, shi ya sa yake karɓar kuɗin nuna da gaske ake, wanda masana harkar ke kira hamish jiddiyya. A ce Naira 480,000 aka karɓa. Wannan kuɗi amana ne, ba kafin alƙalamin ciniki ba, tunda ba a yi ciniki ba tukuna. Idan ciniki ya ƙullu sai a cire shi daga farashi, ya rage miliyan 4 da dubu 320, wato Naira 180,000 duk wata har wata 24. Idan kuwa ya zame, banki ya nemi wani mai saye ya sayar a kan miliyan 3 da dubu 850, to asararsa ta haƙiƙa Naira 150,000 ce. Ita kaɗai zai cira, ya mayar da Naira 330,000. Ba shi da ikon cewa a biya shi ribar dubu 800 da ya sa wa rai. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yarda alkawari ya ɗaure ɓangare ɗaya idan ya jefa ɗayan cikin kashe kuɗi, amma ba ta yarda a ɗaure ɓangarorin biyu tun kafin a sayo kaya ba, domin hakan ya zama ciniki ke nan a fakaice.

Yanzu mu kwaɓa abin ta ɗaya gefen, inda ya fi shafar talaka. Ƙaninka ya biya wata 12 lafiya lau, saura miliyan 2 da dubu 160. Sai rashin lafiya ta kwantar da shi, ya yi wata 6 bai kai ko kwabo ba. A rancen ruwa, a ce haka ragowar take kuma ana ɗora kashi 2 cikin 100 duk wata, watan farko kaɗai Naira 43,200 ta hau. Wata na biyu ruwan ya hau kan ruwan. Kafin ya miƙe daga tabarma an ƙara masa sama da Naira 270,000, ban da tarar latti. Idan ya je neman sassauci, sai a sake tsara bashin da tsawon lokaci da ƙarin ruwa, ya yi godiya ya fito. A murabaha kuwa miliyan 2 da dubu 160 ce ranar da ya kwanta, ita ce kuma ranar da ya tashi. Farashi ne aka yanke, ba ya haihuwa. Banki na iya ƙara masa lokaci, amma ba ya iya sayar masa da lokacin. Ko Babban Banki ya ɗaga farashin ruwa sau biyar a cikin shekarar, dubu 180 ɗinsa tana nan yadda take, alhali mai rancen da ruwansa ke bin kasuwa sai dai ya ga wasiƙa.

Na hango Malam a can baya yana murmushi, murmushin wanda ya gano ƙofar baya. Yana tunanin tunda bashi ba ya ƙaruwa, ai sai a karɓi kaya a miƙe ƙafa. Sannu da dabara, Malam, amma an riga ka tunani. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ba ta ce a jinkirta wa mai taurin bashi da ke juya kuɗin mutane a kasuwa ba. Akwai jingina, akwai mai tsaya maka, akwai sharaɗin cewa idan ka ƙi biya da gangan duk ragowar ta zama ta biya nan take. Akwai kuma tarar jinkiri. Kafin ku yi ihun kun kama ɓarawo, ku ji inda take zuwa: mai saye ne yake ɗaukar alkawari tun farko cewa idan ya yi jinkiri zai ba da sadakar kaza, banki ya karɓa ya zuba a asusun ayyukan alheri ƙarƙashin idon kwamitin malamansa. Ba ta shiga ribar banki. An jingina wannan ne da maganar wasu malaman Malikiyya a kan wanda ya lazimta wa kansa sadaka. Aljihunka zai ji zafi iri ɗaya, wannan gaskiya ne. Amma banki ba ya cin komai daga lattinka, don haka ba shi da dalilin yi maka fatan ka makara.

Wani abu kuma da ba ya yi wa masu saye daɗi. Idan kasuwa ta buɗe wa ƙaninka ya zo a wata na 10 ya ce zai biya duka, ba shi da haƙƙin tilasta a rage masa riba. Farashi farashi ne. Banki na iya yi masa rangwame don ra'ayin kansa, kuma sukan yi, amma ba a rubuta shi a matsayin sharaɗi. A rancen ruwa kuwa mai biya da wuri yakan tsira daga ruwan watannin da suka rage. A wannan gaɓa ɗaya rance ya fi sauƙi, ku rubuta a littafinku, na ba ku maki.

Zan ƙara muku wani makin, wanda ya fi nauyi, tunda ba ku san kuna da shi ba. Mu a nan Malikiyya muka tashi muka tarar, kuma mazhabar Imam Malik tana da tsanani a kan wannan siga. A Muwaɗɗa akwai labarin mutumin da ya ce wa wani ya sayo masa raƙumi kuɗi hannu don ya saya daga gare shi zuwa wani ajali, aka tambayi Abdullahi ɗan Umar, ya ƙi abin ya hana. Littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Mukhtasar na Khalil, sun sa wannan a babin ina, wato cinikin da ake fakewa da shi don a ba da kuɗi a karɓi fiye. Imam Shafi'i a littafinsa Al-Umm ya halatta, da sharaɗin wanda ya ba da umarnin yana da zaɓin saye ko fasawa bayan an sayo. A kan wannan ne Sami Hamud, ɗan ƙasar Jodan, ya gina sigar da bankuna ke amfani da ita, a kundin digirinsa na uku a Alƙahira a 1976, shekara ɗaya bayan buɗe bankin Musulunci na Dubai. Kun ga ke nan tsohon malamin unguwa da ya ɗaure fuska da ya ji bayanin ba jahilci ne ya sa shi ba. Hatta Mufti Taƙi Usmani na Pakistan, wanda yana cikin manyan masu tsara ƙa'idojin wannan harka, ya bayyana cewa murabaha ba ita ce manufa ba, mafita ce ta wucin gadi kafin a kai ga haɗin jari na gaske, inda za a raba riba da asara. Wucin gadin dai ya kusa shekara hamsin.

Inda rahar ku take zama gaskiya tsantsa shi ne wurin aiwatarwa. Naman yanka da na mushe a kan tukubar mai tsire kamanninsu ɗaya, ƙamshinsu ɗaya, wuƙa ce ta raba su. To akwai mahautan da ke nuna wa dabba wuƙar kawai daga nesa. Ga yadda ake yi. Ma'aikaci yana sauri, sai ya shimfiɗa wa mai saye takardu huɗu a zama ɗaya: alkawari, wakilci, tayin saye da amsa, ya ce sa hannu nan da nan da nan, kwanan wata za mu cike daga baya. Sai a tura kuɗi asusunsa a ce je ka sayo a madadinmu. Wakilta mai saye ya halatta idan akwai larura, amma ma'aunin hukumar AAOIFI da ke Bahrain, wanda shi ne na 8 a jerin ma'aunanta na shari'a, ya ce a irin wannan hali banki ya biya dila da kansa, ya karɓi shaidar sayen, kuma a raba lokacin da kaya ke wuyan banki da lokacin da suka koma wuyan mai saye. Idan aka tsallake waɗannan, kuɗi ne aka bayar aka karɓi fiye, ko da an rubuta bisimilla a saman kowace takarda.

Kuma kada mu ɗora wa banki laifin duka, domin ku ma kuna da hannu. Wa yake zuwa wurin dila ya ce rubuta mini takardar buhu 200 na sukari, in banki ya biya ka cire ladanka ka ba ni tsabar? Wa yake kawo rasit na kayan da ya riga ya saya tun watan jiya, har ya sayar da rabi, yana so banki ya saya masa su? Wa yake kawo takardar shagon da shi ne mai shi da sunan ɗansa? Wannan na ƙarshe shi ne ina tsagwaronta: ka sayar wa banki kayanka kuɗi hannu, ka sake saye da tsada bashi. Mai yin haka da safe shi ne yake zuwa majalisa da yamma yana cewa duk kanwar ja ce. Ai dole ka ce haka, Alhaji, kai ka jiƙa ta.

Wannan ne ma ya sa murabaha take da iyaka. Sai da kaya na zahiri, halattattu, da za a iya mallaka. Ba a biyan albashin ma'aikata da ita, ba a biyan kuɗin wuta, ba a biyan tsohon bashi. Ba a sayar da zinariya ko azurfa ko dala da ita a kan ajali, domin waɗannan hannu da hannu ake musayarsu. Hajiya mai sarƙa da 'yan canjin Wapa sai su nemi wata ƙofa. Duk wanda ya ce zai ba ka tsabar kuɗi da sunan murabaha, ka tambaye shi me ya sayar maka.

Tun da Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa a 2011, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, Jaiz ya buɗe ƙofa a 2012, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021. Kowane ɗayansu doka ta wajabta masa kwamitin masana shari'a, kuma Babban Bankin yana da tasa majalisar masana a sama da su. Ma'ana akwai inda ake kai ƙara idan an yi maka murabahar takarda, ba sai a teburin mai shayi kaɗai ba.

Don haka ku riƙe shakkarku, tana da amfani, amma ku kai ta inda za ta yi aiki. Ranar da ƙaninka zai sa hannu, raka shi. Ka nemi rasit ɗin dila ka ga sunan wa ke kai da kwanan watan da ke jiki, ka tabbata ya riga na takardar cinikinku. Ka tambaya asusun wa aka tura kuɗin. Ka sa a nuna maka layin da ya faɗi kuɗin saye da riba da jimilla, da layin da ya faɗi inda tarar jinkiri take zuwa. Sannan ka dubi ma'aikacin ka ce masa, da ta ƙone jiya da dare, wa zai biya? Idan ya ce banki, ku sa hannu in farashin ya yi muku. Idan ya fara sosa ƙeya yana cewa ai dama tsari ne kawai, ja hannun ƙaninka ku fito, kuma a wannan karon ka yi rahar rawaninka son ranka, ni zan biya kuɗin shayin.